Ƙara kauri ne maganin fashewar silinda? Yadda matsi ke rabuwa a jikin ƙarfe

Shin idan aka ninka kaurin jikin silinda, ƙarfinta ma ninkuwa yake yi? Tambayar ta yawaita tun bayan cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, da mutane suka fara mayar da motocinsu masu amfani da matsattsen gas, wato si-en-ji. Ta ƙara zafi a watan Oktoban 2024, lokacin da tukunyar wata mota ta tarwatse ana tsakiyar ɗura mata gas a birnin Benin, hukumomi kuma suka ce haɗin walda ce, ba irin wadda aka ƙera don wannan aiki ba. Hukuncin da aka fi yankewa a gareji da majalisar shayi shi ne ƙarfen ne bai yi kauri ba, da an sa mai kauri da ba a kai ga haka ba.

Maganar tana da gaskiya, amma gaskiyar tana da iyaka. A silinda mai siririn jiki, ƙarin kauri yana biyan kuɗinsa kusan daidai wa daida. Da zarar jikin ya yi kauri sosai, lissafin sai ya sauya. Ƙarfen da ke dab da ramin ciki shi ke ɗaukar mafi yawan wahalar, na waje kuma yana nan kusan a zaune. Akwai ma matsin da in an kai shi, ko wane irin kauri aka zuba, fuskar ciki sai ta saduda, wato ta miƙe ta kasa komawa yadda take.

## Matsi daban, abin da ƙarfe ke ji daban

Matsi shi ne turin da mai ko gas ke yi wa bangon da ya tsare shi. A agogon awo ana karanta shi da bar. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar bar 2 da ɗoriya. Tukunyar si-en-ji ana cika ta zuwa bar 200. Silindar hannun katafila tana aiki a wajen bar 300 zuwa 350, famfon haidirolik na hannu kuma yakan kai bar 700. Injiniyoyi sun fi yin lissafi da megafaskal, wanda ake taƙaitawa MPa, kuma megafaskal ɗaya bar 10 ne.

Abin da ƙarfen ke ji a cikin jikinsa shi ne ake kira sitires. Shi ma da megafaskal ake auna shi, amma ba ɗaya yake da matsin ba, sau da yawa ma ya ninka shi. Idan ka ɗauki ɗan ƙwayar ƙarfe a tsakiyar bangon silinda, ta fuska uku ake damun sa. Ana jan sa ta kewaye, domin matsin yana so ya buɗa da'irar. Wannan shi ne jan kewaye. Ana danne shi ta kauri, daga ciki zuwa waje, domin man yana tura shi, ƙarfen da ke bayansa kuma yana tare shi. Wannan shi ne dannin kauri. Idan silindar a rufe take ta kai da gindi, ana kuma jan sa ta tsawo. A lissafi, ja yana ɗaukar alamar ƙari, danni kuma alamar ragi.

Jan kewaye shi ne babba a cikin ukun. Shi ya sa bututun da matsi ya fasa yake tsagewa ta tsawonsa, ba ya guntulewa gida biyu.

## Wace silinda ce mai kauri?

A nan ake fara ruɗewa, domin ba da ido ake gane kauri ba. Ana kwatanta kaurin bangon ne da rabin faɗin ramin, wato nisan da ke tsakanin tsakiyar rami da bango. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce: in kaurin bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan nisa ba, silindar siririya ce. In ya wuce haka, mai kauri ce.

Tukunyar si-en-ji, duk da nauyinta, siririya ce. A ɗauki wadda rabin faɗin raminta milimita 170 ne, bangonta milimita 8, matsinta bar 200, wato megafaskal 20. Ga irin wannan akwai gajeren lissafi: a ninka matsi da rabin faɗi, a raba da kauri.

```
σ = p × r / t
σ = 20 × 170 / 8 = 425 MPa
```

Megafaskal 425 ya wuce abin da ƙarfen gini na yau da kullum zai iya ɗauka nesa ba kusa ba, domin shi a wajen 250 yake fara saduda. Dalili ke nan da ake ƙera waɗannan tukwane da ƙarfe na musamman da aka gasa aka daidaita, kuma ba tare da ɗinkin walda ba. Tukunyar gas ɗin girki mai rabin faɗi milimita 150 da bango milimita 3, in aka ɗura mata bar 200, lissafin nan zai ba da megafaskal 1,000. Ba za ta ma kai can ba.

Wannan gajeren lissafi yana ɗauka cewa kowane ɓangaren bangon, daga ciki har waje, daidai yake ɗaukar ja, kuma bai damu da dannin kauri ba sam. A siririn bango kuskuren kaɗan ne. Amma bututun injektan dizal, wanda faɗinsa gaba ɗaya bai fi milimita 6 zuwa 8 ba, ramin cikinsa kuma milimita 2 zuwa 3, mai kauri ne ƙwarai, duk da cewa za ka iya riƙe shi da yatsu biyu. Haka bakin bindiga, haka silindar injin matse ƙarfe. A kan waɗannan, gajeren lissafin yaudara yake yi, kuma ta gefen da ya fi haɗari.

## Abin da Lamé ya warware

Injiniyan Faransa Gabriel Lamé, wanda ya rayu daga 1795 zuwa 1870, shi ne ya warware matsalar tare da abokin aikinsa Émile Clapeyron, aka buga aikinsu a 1833. Sun dogara da abu biyu. Na farko, kowane ɗan ƙwayar ƙarfe a bangon yana tsaye cik, saboda haka turin da ake yi masa daga ciki dole ya yi daidai da tarewar da ake yi masa daga waje haɗe da riƙon da jan kewaye ke yi masa. Na biyu, ƙarfen yana miƙewa ne gwargwadon jan da aka yi masa, ya kuma koma yadda yake in an sake shi. Daga nan amsar ta fito a taƙaice:

```
σθ = A + B / r²
σr = A − B / r²
```

Layin farko jan kewaye ne, na biyu dannin kauri. Harafin r nisan wurin da ake tambaya ne daga tsakiyar rami. A da B lambobi ne biyu da ba sa canzawa a duk faɗin bangon, kuma ana samo su daga abu biyu da muka riga muka sani ba tare da lissafi ba. A fuskar ciki, dannin kauri daidai yake da matsin man, tunda man ne ke taɓa wurin kai tsaye. A fuskar waje kuwa sifili ne, tunda babu abin da ke danna ta sai iskar duniya. In ƙaramin harafin a shi ne rabin faɗin ciki, b na waje, p kuma matsi:

```
A = p × a² / (b² − a²)
B = A × b²
```

Abin lura, babu nau'in ƙarfe a cikin wannan lissafi. Silindar tagulla da ta baƙin ƙarfe, in girmansu ɗaya kuma matsinsu ɗaya, rabon ja da danni a jikinsu ɗaya ne. Nau'in ƙarfe yana shigowa ne a tambaya ta gaba, wato ko zai iya jurewa.

## Mu bi bango ɗaya daga ciki zuwa waje

A ɗauki silindar injin matsewa mai aiki da mai. Rabin faɗin ramin milimita 50, na waje milimita 100, ke nan kaurin bangon milimita 50 ne. Matsin aikinta bar 600, wato megafaskal 60. Da waɗannan lambobi, A ya zama 20, B ya zama 200,000. Sai a riƙa sauya r ana tafiya waje:

```
r (mm)    σθ (MPa)    σr (MPa)
50        100         −60
60        76          −36
75        56          −16
100       40          0
```

A fuskar ciki jan kewaye 100 ne, a fuskar waje 40. Ƙarfe ɗaya, bango ɗaya, amma ciki yana ɗauke da ninki biyu da rabi na abin da waje ke ɗauka. Dubi kuma yadda saukar take. A milimita 10 na farko kawai, jan ya faɗo daga 100 zuwa 76. A milimita 25 na ƙarshe kuwa, daga 56 zuwa 40 kawai ya sauka. Gangaren yana da tsanani kusa da rami, sannan ya kwanta, saboda r yana ƙarƙashi ne kuma a ninke da kansa.

Da gajeren lissafin siririn bango aka yi amfani, 60 sau 50 a raba da 50, da amsar 60 ce. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya: 60 shi ne matsakaicin jan in aka baje shi daidai a duk kaurin. Sai dai ƙarfe ba ya tsagewa a matsakaici, yana tsagewa ne inda abin ya fi tsanani. Wanda ya ƙera silinda yana zaton 60 alhali 100 ne, ya cinye babban kaso na rarar tsaron da yake ganin ya bari.

Akwai abu biyu a jadawalin da suke da amfani wajen kama kuskure. Haɗa lambobin kowane layi: 100 da ragin 60, 76 da ragin 36, duk 40 suke bayarwa, wato A sau biyu. In ɗalibi ya yi lissafi jimillar ta sauya daga layi zuwa layi, akwai inda ya goce. Na biyun ya fi ban sha'awa. Bambancin jan kewaye tsakanin ciki da waje, 100 a cire 40, ya ba da 60, wato matsin kansa. Wannan ba dace ba ne, haka yake a kowace silinda da ake matsa ta daga ciki kawai. Saboda haka in aka auna jan da ke fuskar waje, inda hannu ke kaiwa, sai a ƙara masa matsin, an sami na ciki ke nan. A tukunyar si-en-jin ɗazu ma dokar tana aiki: lissafin Lamé yana ba da kimanin 435 a ciki da 415 a waje. Bambancin 20 ne, kuma 20 a kan 425 bai taka kara ya karya ba. Abin da ya sa ake ce mata siririya ke nan.

Jan tsawo bai da dogon labari. In silindar a rufe take, daidai yake da A, wato 20 a misalinmu, kuma ɗaya yake daga ciki har waje.

## Me ya sa ciki ya fi shan wahala?

Ka ɗauki bangon kamar albasa da aka yanka ta tsakiya, zobe cikin zobe. Matsin yana tura zoben farko, shi kuma ba zai buɗe ba sai ya ture na biyu, na biyu ya ture na uku. Kowane zobe yana riƙe wani kaso na turin da ƙarfin kansa, ya miƙa ragowar ga na bayansa. Haka dannin kauri ke raguwa daga 60 har ya ƙare a sifili.

Batun jan kewaye kuma batun miƙewa ne. Abin da ke wahalar da zobe ba yawan matsawar da ya yi waje ba ne kaɗai, har da girmansa na asali. Ƙaramin zobe da babban zobe in suka matsa waje da nisa ɗaya, ƙaramin ya fi miƙewa gwargwadon jikinsa. A silindarmu, in ta baƙin ƙarfe ce mai rufaffen kai, fuskar ciki tana matsawa waje da kimanin milimita 0.028, ta waje kuma da 0.017. Wato zoben ciki ya fi matsawa, ga shi kuma kewayensa rabin na waje ne. Abin ya haɗe masa ta fuska biyu.

Bai tsaya nan ba. A fuskar ciki ne ja ya fi yawa, a nan ne kuma danni ya fi yawa, kuma suna aiki ne a kan ƙwaya ɗaya ta fuskoki daban. Ƙarfe mai laushin hali, irin wanda ke lanƙwasa kafin ya karye, yana saduda ne idan sassan jikinsa suka fara zamewa a kan juna, kuma abin da ke kawo zamewar shi ne tazarar da ke tsakanin ja mafi girma da danni mafi girma. A fuskar ciki, daga 100 zuwa ragin 60, tazarar 160 ce. A fuskar waje, daga 40 zuwa sifili, 40 ce kacal. Ta wannan ma'auni, wanda shi ne ya fi dacewa da tambayar saduda, ciki ya ninka waje sau huɗu.

In ƙarfen silindar mai saduda ne a megafaskal 320, to a matsin bar 600 yana da rara ninki biyu, kuma fuskar ciki za ta fara saduda a bar 1,200.

## To a ƙara kauri mana

Mu gwada. Ramin yana nan a milimita 50, matsin yana nan a 60, kaurin kawai za mu riƙa sauyawa.

Da bangon milimita 25 ne, jan kewaye a ciki 156 zai zama, kuma kowace mita ta silindar za ta yi nauyin kimanin kilo 77. Da muka mai da shi milimita 50, jan ya sauko zuwa 100, nauyin ya hau zuwa kilo 185. Wannan ciniki ne mai riba. A sake ninkawa zuwa milimita 100: jan ya koma 75, nauyin ya kai kilo 490 da ɗoriya. A ƙara wasu milimita 50: jan 68, nauyi sama da kilo 920. Wato a matakin ƙarshe an sayi ƙarin ƙarfe kilo 430 don a rage megafaskal 7. Babu mai sana'ar da zai yarda da wannan in ya ga lambobin a rubuce.

Inda abin ya dosa a bayyane yake. Ko da bangon ya kai kaurin gida, jan kewaye a fuskar ciki ba zai sauka ƙasa da 60 ba, wato matsin kansa. Dannin kauri a wurin kuwa dama 60 ne, kauri ba ya taɓa shi. Tazarar da ke tsakaninsu ba za ta gaza 120 ba, ninki biyu na matsi. Ma'anar wannan ita ce ƙarfe mai saduda a 320 yana da rufin da ba ya wucewa: a matsin megafaskal 160, wato bar 1,600, fuskar ciki za ta saduda komai kaurin bango. Injinan dizal na zamani suna fesa mai a bar 2,000 ko fiye, injin yanka ƙarfe da ruwa yana aiki a wajen bar 4,000. A waɗannan wurare, "a ƙara kauri" ba amsa ba ce ko kaɗan.

## Inda masana suka sha bamban

Rabon ja da danni da Lamé ya fitar ba a jayayya a kansa. Saɓanin yana wurin yanke hukuncin lokacin da ƙarfe zai saduda. Ma'aunin da muka yi amfani da shi, na tazara tsakanin babba da ƙarami, na Henri Tresca ne, daga shekarun 1860. Akwai na Richard von Mises na 1913, wanda ke sa dukkan ukun a lissafi, har da jan tsawo. A silindarmu, na Tresca ya ba da 160, na von Mises kimanin 139. Gwaje-gwaje a kan baƙin ƙarfe sun fi kusa da na biyun, amma na farkon ya fi taka tsantsan, shi ya sa masu ƙera tukwanen matsi da dama suka daɗe suna riƙe da shi. A ganina, ga wanda ba shi da takardar shaidar ingancin ƙarfen da ke hannunsa, wannan ɗan bambanci ba wurin neman rangwame ba ne. Kuma ko da na von Mises aka bi, rufin yana nan, ya ɗan ɗaga ne kawai daga bar 1,600 zuwa kimanin 1,850.

Wani abin da ake yawan cakuɗawa shi ne saduda da fashewa. A siririn bango sadudar kusan a lokaci ɗaya take zuwa wa dukkan kaurin, domin ko'ina jan ɗaya ne. A bango mai kauri ba haka ba ne. Fuskar ciki za ta iya saduda alhali zobban waje suna da sauran ƙarfi, su riƙe ta. Silindarmu tana fara saduda a bar 1,200, amma sai wajen bar 2,200 sadudar take ratsa bangon gaba ɗaya. Wannan tazara ita ce injiniyoyi suka mayar abin amfani.

## Dabarar matse ciki tun kafin aiki

Tunda matsalar ita ce ciki yana wahala waje yana hutawa, maganin shi ne a sa waje aiki tun daga masana'anta. Maƙeran igwa na ƙarni na 19, irin su William Armstrong na Ingila a shekarun 1850, sun bi hanyar sa bututu cikin bututu. Ana ƙera na waje raminsa ya ɗan gaza faɗin na ciki, a zafafa shi ya buɗe, a zura na ciki, a bar shi ya huce. Da ya huce sai ya shaƙe na ciki. Kafin a sa wani matsi, bututun ciki yana danne ta kewaye, na waje kuma yana jaye. Idan matsin aiki ya zo, dole ya fara biyan bashin wannan danni kafin ya soma jan fuskar ciki.

Hanya ta biyu ita ake kira otofiretaj, kuma bututu ɗaya take buƙata. Ana matsa silindar sau ɗaya da gangan, fiye da inda take fara saduda. A tamu, in aka kai kimanin bar 1,900, ƙarfen zai saduda daga fuskar ciki har zuwa nisan milimita 70 daga tsakiya, wato milimita 20 na farkon bangon, sauran 30 kuma su miƙe kawai ba tare da sun saduda ba. Sai a sauke matsin. Zobban waje suna so su koma girmansu na da, na ciki kuwa sun riga sun buɗe har abada, ba za su koma ba. Saboda haka na waje suke zama a matse da na ciki. A takarda, fuskar ciki tana tashi da dannin kewaye na kimanin megafaskal 180, a zahiri yakan ɗan gaza haka. Yanzu a sa matsin aiki na bar 600, wanda ke kawo jan 100. A cire 180 daga 100, fuskar cikin har yanzu a danne take. Tsagar da ake dannewa kuwa ba ta samun damar buɗe baki ta ci gaba. Da wannan dabara ake ƙarfafa bakin igwa da bututun man dizal masu babban matsi.

## Abin da wannan ke nufi a gareji

Yawancin silindu masu kauri ba matsi ɗaya ke kashe su ba. Hawa da saukar matsi ne, sau dubbai, har ƙarfen ya gaji. Tsagar gajiya tana farawa inda ja ya fi yawa, wato a fuskar ciki, inda ido ba ya gani. Silinda za ta iya yin sumul a waje, fenti na ƙyalli, alhali tsaga ta ci rabin bangonta daga ciki. Wani lokaci alamar farko ita ce ɗan danshin mai a jikin ƙarfen, a siririn layi mai bin tsawo, a wurin da babu mahaɗi ko roba. Wannan ba yoyon da ake shafe shi a ci gaba da aiki ba ne, tsagar ce ta riga ta ɓullo waje. Kafin ta kai haka, na'urar duba ƙarfe da sauti ko madubin leƙa rami ne kaɗai za su nuna ta.

Duk wani rauni a fuskar ciki ya fi na waje tsada. Ramin tsatsa, ko ƙarzar da datti a cikin mai ya yi, yana tara ja a gindinsa ninki biyu zuwa uku na abin da ke kewaye da shi. Ƙarza mai bin tsawo ta fi mai bin da'ira muni, domin jan kewaye yana buɗa ta kai tsaye. Haka ramin da ake hudawa ta gefe don shigar mai: bakinsa na ciki, inda ya haɗu da babban rami, yana cikin wuraren da tsaga ta fi farawa, shi ya sa masu aikin kirki suke goge kaifin wurin su mai da shi santsi.

Masu faɗaɗa ramin silinda a inji don kawar da ƙarza su ma su yi lissafi. In aka cire milimita 5 daga cikin silindarmu, jan yana hawa daga 100 zuwa 112. In daga waje aka cire milimita 5 ɗin, 106 ne. Ga silindar da aka yi wa otofiretaj kuwa asarar ta fi haka, domin ɓangaren da ya fi dannuwa shi ake sassaƙewa. Walda ma haka. Zafinta yana sakin dannin da aka ajiye a ciki, ya sauya halin ƙarfen da aka gasa, ya bar nasa jan a gefen ɗinki. Faci ko zoben ƙarfe da aka manna daga waje yana zama ne a wurin da ja ya fi ƙaranci, kuma tunda ba a matse yake ba, tsagar da ke ciki ba ta san da zamansa ba.

Gwajin matsi da ruwa ake yin sa, ba da iska ba, yawanci a ninki ɗaya da rabi na matsin aiki, kamar bar 300 ga tukunyar bar 200. Ruwa ba ya matsuwa sai kaɗan, saboda haka in bangon ya tsage, matsin yana faɗuwa nan take da ɗan feshi. Gas da aka matse zuwa bar 200 kuwa sai ya buɗe zuwa kusan ninki ɗari biyu na girmansa, yana tura guntayen ƙarfen duk tsawon wannan buɗewa. A gwajin ruwan akan auna yawan buɗewar da silindar ta yi a ƙarƙashin matsi da wadda ta rage bayan an sauke shi. In ragowar ta wuce haddin da aka ƙayyade wa irin wannan silinda, ƙarfen ya saduda, kuma hukuncinta a huda ta ko a yanka ta don kada ta sake komawa kasuwa.